Ba ko'ina ne makon farko yake farawa da 1 ga Janairu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da amsar da baƙon shirinku ya ba wani mai sauraro da ya tambayi ma'anar lambobin makonni da ake bugawa a gefen kalanda. Ya ce masa makon farko shi ne makon da 1 ga Janairu ta faɗo a ciki, daga nan sai a ci gaba da ƙirgawa har zuwa 52, mai gabatarwa kuwa ya ce madalla, aka wuce zuwa wata tambayar. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji haka, domin wannan amsa rabin magana ce, kuma irin wannan rabin maganar ce ta taɓa jawo wa wurin aikinmu asara.

Ni magatakardan sito ne, kuma masu aiko mana da kayan gyaran injina daga Turai da lambar mako suke yi mana alkawari, ba sa rubuta kwanan wata. A shekarar 2021 sun rubuto cewa kayan za su iso a mako na 12. Jadawalin da ofishinmu yake amfani da shi a kwamfuta ya nuna mako na 12 daga Lahadi 14 ga Maris zuwa Asabar 20 ga wata, saboda haka aka tsayar da injin, aka ɗauko masu gyara, aka yi hayar motar da za ta ɗauko kaya, aka zauna jira. Kaya ba su zo ba. Da aka yi musu waya cikin fushi, sai suka ce su ba su saɓa alkawari ba, domin a kalandarsu mako na 12 yana farawa ne ranar Litinin 22 ga Maris ya ƙare ranar 28. Da muka aza kalandun biyu gefe da gefe, sai muka ga babu wanda ya yi ƙarya, amma duk da haka injin ya yi mako guda a tsaye kuma masu gyara sun karɓi kuɗin zamansu.

Asalin matsalar shi ne kwana 365 ba sa rabuwa daidai da bakwai. Mako 52 kwana 364 ne, kwana ɗaya yana yin saura, ko biyu a shekara mai kwana 366, don haka sabuwar shekara galibi a tsakiyar mako take kamawa. Dole ne a yanke shawarar inda za a kai wannan makon da ƙafarsa ɗaya take cikin Disamba ɗaya kuma cikin Janairu, kuma a nan ne aka rabu. Tsarin da aka fi sabawa da shi a Amurka yana fara mako ranar Lahadi, yana kuma kiran duk makon da 1 ga Janairu ta faɗo ciki mako na farko, ko da kwana ɗaya tak na sabuwar shekara ne a cikinsa. Wannan shi ne abin da baƙonku ya faɗa. Ɗaya tsarin shi ne ƙa'idar ISO 8601 ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1988, kuma ita yawancin ofisoshi da masana'antun Turai suke bi. A cikinta mako yana farawa ranar Litinin, kuma makon farko shi ne wanda yake ɗauke da Alhamis ta farko ta shekara. Dalilin zaɓen Alhamis kuwa mai sauƙi ne: ita ce rana ta huɗu cikin bakwai, saboda haka shekarar da Alhamis ta faɗo ciki ita ce take da mafi yawan kwanakin makon, sai a ba ta shi gaba ɗayansa ba tare da an gutsure shi ba. Wanda ba ya son neman Alhamis yana iya neman 4 ga Janairu, domin kullum tana cikin makon farko.

To ga abin da ya faru a 2021. Ranar Juma'a shekarar ta kama. A tsarin Amurka, Juma'a 1 ga wata da Asabar 2 ga wata su kaɗai ne mako na farko, Lahadi 3 ga wata kuwa ta buɗe mako na biyu. A tsarin ISO, waɗannan kwanaki uku suna cikin mako na 53 na shekarar 2020, makon farko bai fara ba sai Litinin 4 ga Janairu. Wato ranar Litinin ɗin nan guda, wani ofishin yana cewa mako na 2, wani yana cewa mako na 1, kuma wannan tazarar ba ta rufewa har ƙarshen Disamba.

Abin da ya sa mutane ba sa farga shi ne a yawancin shekaru tsarin biyu suna ba da lamba ɗaya daga Litinin zuwa Asabar, sai ranar Lahadi kawai suke saɓawa. Ban da 'yan kwanakin ƙarshen Disamba, sai shekarar da ta kama ranar Juma'a ko Asabar ne bambancin yake shiga ranakun aiki, kamar 2021 da 2022, haka kuma 2027 da 2028. Ma'aikaci yana iya yin shekaru yana aiki lafiya da jadawalinsa, ya tabbatar wa kansa cewa lissafinsa daidai yake da na kowa, sannan shekara ta juya ya tarar ya riga abokan hulɗarsa da mako guda.

Haka nan maganar baƙon cewa shekara mako 52 ce kullum, ita ma ba haka take ba. A tsarin ISO duk shekarar da ta kama ranar Alhamis tana da mako 53, haka ma shekara mai kwana 366 da ta kama ranar Laraba. 2015 da 2020 da 2026 duk irinsu ne. Kuma ƙarshen Disamba yana iya faɗawa cikin shekara mai zuwa, domin Litinin 29 ga Disamba 2025 ita ce ranar farko ta makon farko na 2026. Duk mai haɗa rahoton mako-mako da ya ɗauki lambar mako daga wannan tsarin, ya ɗauki lambar shekara daga kalandar yau da kullum, zai ga kayan ƙarshen Disamba sun koma can farkon shekarar da ta ƙare.

Da baƙon ya san aikinsa, da ya gaya wa mai tambayar yadda zai gane tsarin da ofishinsu yake bi, domin gwajin ba ya cin minti ɗaya. A manhajar Excel, a rubuta ranar 1 ga Janairu 2021 a gidan A1, sannan a gwada waɗannan:

```
=WEEKNUM(A1)
=ISOWEEKNUM(A1)
```

Na farko zai ba da 1, na biyu zai ba da 53. Jadawalinmu da na farkon aka gina shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai na biyu. Tun daga lokacin, duk takardar da ta fita daga hannuna tana ɗauke da lambar mako tare da kwanan watan Litinin ɗin makon, kuma ina neman masu aiko mana da kaya su yi haka.



Ina roƙon ku karanta wannan gyara a cikin shirin, a daidai filin da aka ba da amsar farko, domin mai tambayar ya ce shi ma'aikacin ofis ne, kuma da abin da kuka gaya masa zai koma ya tsara aikinsa.

Naku,
Mai sauraronku na kullum