Sanarwa ga masu shirin zuba harsashi

Jama'a, assalamu alaikum. Masu sabon gini, a yi maganin gara tun kafin a zuba kankare. Bayan an cike fili an daddaɓe ƙasa, a tsince kututture, saiwoyi da guntayen katako, domin su ne abincinta. Sannan a fesa maganin, kamar lita 5 na haɗin magani da ruwa a kowace murabba'in mita, har cikin ramin harsashi. Kada a fesa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ta shan magani. A rufe da leda a ranar, kada ruwan sama ya wanke shi.

Inda aka fi sakaci shi ne wurin da bututu ya ratsa daɓe. Siminti yana ɗan janyewa idan ya bushe, ta wannan 'yar kafar gara ke hawowa. A ɗaura wa kowane bututu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu wadda ba ta tsatsa. Idan mai aikin famfo ya sake tona bayan feshi, a maimaita wurin.