Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Jin Daɗin Ma'aikata

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana, da fuskokin da aka saba gani.

Aikin da ya fitar da mu kunya bana shi ne tace amsoshin tambayar ƙarshe ta takardar jin ra'ayin ma'aikata, inda aka bar wa kowa fili ya rubuta abin da ke ransa. Shugabanni ba za su zauna karanta tulin takardu ba, mu kuma mun yi alkawarin ba za su ga rubutun hannun kowa ba.

Kwamiti ya karanta amsoshin duka kafin ya raɗa wa kowane jigo suna, don wanda ya riga ya tsara jigogi, abin da yake nema kaɗai zai gani. Amsar da ta ƙunshi magana biyu an raba ta gida biyu. Mutum biyu suka ware, kowa shi kaɗai, sannan aka gwada. Inda suka saɓa, an zauna an daidaita. Da tulin "sauransu" ya fara rinjayar wasu jigogin, muka gane rabon bai yi ba, aka sake. A ƙarshe aka tsaya kan ƙarin girma, alawus, kayan aiki da mu'amalar shugabannin sassa.

Kowane jigo an rubuta masa yawan mutanen da suka taɓo shi, da yanayin maganar: ƙorafi ne, yabo, shawara ko gauraye. Nan ne aikin yake. A ce wani ya rubuta, "Mun gode wa oga, shekara uku muna mataki ɗaya, janareta ma ya bi sahunmu." Mai gaggawa zai ga godiya ya sa yabo, alhali gatse ne. Ƙorafi biyu ne, ɗaya na ƙarin girma, ɗaya na kayan aiki. Abin da zai isa teburin shugabanni shi ne: "Wasu na ganin ƙarin girma yana jinkiri ba tare da bayani ba." An cire shekarun da salon maganar, tunda da su ake gane mutum. Jigon da bai kai mutum 5 ba, an haɗe shi da makusancinsa.

Masu tambayar me ya sa ba a buga wa kowa kwafin sakamakon ba, takarda da tawada ba kyauta ake ba mu ba. Kuɗin wata ne bai shigo ba, ma'aji har ya gaji da bin ofisoshi. Zaman bin diddigi da shugabanni ma bai yiwu ba, domin masu cika baki a zaure ba su zo ranar zaɓen wakilai ba. Wanda ake bi bashin kuɗin wata ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Sakatare