Wasiƙa zuwa ga marubutan da muke aika wa wasiƙun labarai ta imel

Assalamu alaikum, abokan hulɗarmu,

Bayan gaisuwa, muna sanar da ku sauye-sauye biyu da za su fara aiki daga wata mai kamawa. Za mu daina saka adadin buɗe saƙo a rahoton da muke kai wa masu talla, sannan za mu fara rage adireshin da suka daɗe ba su motsa ba daga jerin masu karɓar wasiƙunku. Jerin wasunku zai ragu, kuma mun san abin ba zai yi daɗi ba.

Ga yadda ake ƙidayar buɗewa. A kowane saƙo ana ɓoye wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani. Idan manhajar mai karatu ta sauke hoton, sai na'urarmu ta rubuta cewa an buɗe. Amma a Satumban 2021 kamfanin Apple ya fito da Mail Privacy Protection, wanda ke sauke hotunan saƙon da kansa, ko mutum ya duba ko bai duba ba. Tun daga nan, mai amfani da manhajar Mail ta Apple da ya kunna wannan kariya yakan fito a lissafi tamkar ba ya ƙetare ko fitowa ɗaya, alhali mai yiwuwa rabonsa da wasiƙarka tun bara.

A ɗauki misali. Marubuciya tana da mutum 8,000 a jerinta, allo ya nuna mata 4,000 sun buɗe. Mai talla ya ga rabin jeri, ya biya kuɗi a kan haka. Tallar ta fita, mutum 40 suka danna mahaɗin, wato ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka ce sun buɗe. Shi mai talla ba ya gardama. Zai yi godiya, ba zai dawo ba, ita kuma ta yi ta zargin rubutunta. Da tun farko ta ce masa, "A wata uku da suka wuce mutum 1,500 daban-daban sun danna wani abu a wasiƙata, kuma talla takan samu dannawa 30 zuwa 50," da ya san abin da ya saya. Kuɗin farko zai iya yin ƙasa, amma wanda ya samu abin da aka yi masa alkawari shi ne ke sake kama guri na wata uku. Wannan irin rahoton za mu riƙa bayarwa.

Dannawar ma ba a rasa ta da gurɓata. Na'urorin tsaro na wasu ma'aikatu sukan bi duk mahaɗan da ke cikin saƙo don su tabbatar babu cuta. Alamarsu a fili take: adireshi ɗaya ya danna komai, har da mahaɗin ƙasan shafi, cikin 'yan daƙiƙoƙi da isar saƙon. Irin waɗannan muna tace su kafin lissafi.

Sai batun rage jeri. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa: dole a samu SPF, DKIM da DMARC, wato matakan tabbatar da cewa saƙon ba na jabu ba ne, a ba mutum damar fita daga jeri da dannawa ɗaya, kuma masu danna Spam kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mutum uku ke nan cikin dubu. Fannin fasahar aikinmu ne, mun kammala shi. Ƙorafin Spam kuwa yakan fito daga wanda ya manta ya taɓa yin rajista, musamman waɗanda gasa ko kyauta ta jawo. Idan suka yi yawa, har masu son wasiƙarka sai su daina ganinta a akwatinsu.

Saboda haka duk wanda ya yi wata shida bai danna komai ba, za mu aika masa saƙo biyu da sunanka, mako guda tsakani, da maɓalli ɗaya na "ina nan". Wanda bai amsa ba sai a ajiye adireshinsa gefe. Masu biyan kuɗin wata ba za mu taɓa su ba ko da ba su taɓa danna komai ba. Idan kuma wasiƙarka doguwar rubutu ce marar mahaɗai, faɗa mana tun yanzu, don masu karatunka ba su da abin dannawa, kuma wannan ma'auni zai zalunce su. A nan sai mu haɗa da masu amsa maka saƙo.

Masu shirin buɗe rajistar biya, ku yi lissafinku a kan masu dannawa da masu amsawa, domin daga cikinsu masu biya ke fitowa.

Kafin mu cire kowa za mu turo wa kowannenku jerin adireshin, kuna da mako biyu ku duba ku ce a bar wane.

Mun gode da amanarku.

Ma'aikatan sashen hulɗa da marubuta