Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jadawalin Bita

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ga jadawalin da kika aiko, kuma ya yi kyau a ido, har da launuka kala-kala. Sai dai akwai gyara. Kin rubuta "Litinin, ƙarfe 4 zuwa 6, Lissafi". To, wane ɓangare na Lissafin? In kika zauna ba ki san amsar ba, hannunki zai kai ki babin da kika riga kika iya, don shi ne mai daɗin karantawa, wanda kike tsoro kuwa ya yi ta jira har ranar jarrabawa.

Saboda haka ki ajiye jadawalin tukuna. Ki nemo manhajar da masu shirya jarrabawar suka fitar, kada ki dogara da littafin rubutunki, domin wani malamin bai ƙarasa manhaja ba, ke ma akwai ranakun da ba ki shiga aji ba. Kowane darasi ki ba shi shafi guda, ki jera batutuwansa layi-layi, a gutsuttsure. "Aljabara" ta yi girma da zama layi ɗaya. Ki raba ta gida-gida.

Daga nan sai auna kai, kuma a nan ake yin saki-na-dafe. Ki rufe littafi, ki ɗauko tambaya ɗaya ta shekarun baya a kan kowane batu. A ce ga x² − 5x + 6 = 0. In kika raba shi zuwa (x − 2)(x − 3), kika fito da 2 da 3 ba tare da leƙe ba, ki sa alamar daidai. In kin fara kika maƙale a tsakiya, ki zana da'ira. In kuwa kallon-kallo kuka yi da tambayar, ki ja layi da jan biro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma babu mai ganin takardar nan sai ke. Ni kaina na taɓa shiga wannan ramin. Na karanta babin zagayawar jini har sau huɗu, duk shafin da na buɗe sai in ji na san shi. A ɗakin jarrabawa aka ce a zana zuciya a sa sunayen sassanta, na zauna ina tauna murfin biro. Ashe fuskar shafin na gane, abin da ke ciki bai zauna ba.

Yanzu mu yi lissafin lokaci. Kin ce saura mako 10. Ki cire biyun ƙarshe, nasu aikin daban ne. Mako 8, kwana 6 a mako, zama 3 a rana na minti 45: zama 144 ke nan. Zama ɗaya a kowace rana na waiwaye ne, wato 48, saura 96. A ce kin samu jan layi 20 da da'ira 36. Kowane jan layi ki ba shi zama 3, ya cinye 60; kowace da'ira zama ɗaya, 36. Kin ga sun cika cif. In lissafinki ya haura haka, kada ki ci bashin barci. Ki duba takardun shekara biyar da suka wuce, batun da yake yawan fitowa ki sa shi gaba, wanda bai cika leƙowa ba ya koma baya. Jan layi kuma ki fara da shi, tun ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba.

Zaman waiwayen nan kada ki raina shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, daga baya ta lafa. Don haka abin da kika koya yau ki taɓa shi gobe, sai bayan mako, sai bayan mako uku, kowane karo littafi a rufe. Ki riƙa rubuta kwanan wata a gefen layin. Alama ba ta canzawa zuwa daidai sai kin amsa sabuwar tambaya a wata rana daban.

Rana ta bakwai ki bar ta fili. Za ki yi mura, za a ba ku aikin gida, wani zaman zai kuɓuce; nan za ki rama. In kika ga mako biyu a jere ramuwar ta fi zama uku, jadawalin ne ya yi nauyi, ki rage shi.

Makonni biyun ƙarshe kuwa cikakkun takardu za ki yi, da agogo a gabanki, daidai lokacin da za a ba ki a ɗakin jarrabawa, kina bin jerin ranakun da darussan za su zo.

Ki aiko mini da shafin Lissafi da na Kemistiri kafin ƙarshen mako, ina so in ga jan layin da idona. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki daina kwana da fitila a kunne.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki