A riƙa faɗa wa mai ciki wane kifi za ta ci

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ni ungozoma ce, na yi shekaru ina aiki a nan Jidda, kuma ba na wuce shirinku na kiwon lafiya. A shirin makon jiya an shawarci masu juna biyu su yawaita cin kifi. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bayarwa. Sai dai an ce "kifi" kawai aka yi shiru, ga shi kuwa mu da ke bakin Bahar Maliya kifin namu ba iri ɗaya ba ne.

Ƙanena, da matarsa ta samu ciki, sai ya ɗauri aniyar ba za ta ci ƙaramin abu ba. Duk Juma'a yana zuwa Bangala, kasuwar kifi, ya zaɓo diraki mafi girma, wanda wasu ke kira kan'ad, a yayyanka masa. Wani lokaci har ƙirshi yake haɗowa, wato kifin shak, don ba shi da ƙaya. Sardin da baga kuwa, cewa yake abincin marasa hali ne. Soyayya ce ta sa shi, na sani. Amma da na je na ga abin da ke cikin firjinsu, sai da na zaunar da shi.

Matsalar ita ce zaiba, wadda Larabawa ke kira zi'baƙ, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki, wanda masu haƙar zinare ke kama gwal da shi. Tana shiga iska daga ƙona kwal da ƙona gwal, ta sauka a teku. A can wasu ƙwayoyin halitta ke juya ta zuwa wani nau'i mai maƙalewa a jikin mai rai. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, sardin ya ci su, baga ta ci su, sannan diraki ya haɗiye sardin da baga ba adadi. Abin da duk suka tara ya koma jikinsa, kuma ba ya fita da sauri. Shak kuwa shi ke cin masu cin wasu, ga shi da tsawon rai. Saboda haka tambayoyi biyu ne: me kifin yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci?

Ga lissafin da na yi wa ƙanena a bayan takardar cefane. A shekarar 2003 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya ya sa iyaka: kada abin da ke shiga jikin mutum a mako ya wuce maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya idan aka raba giram ɗaya gida miliyan. Matarsa kilo 60 ce, don haka iyakarta 96 a mako. Awon da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi ya nuna naman shak da na abu-saif, mai dogon baki kamar takobi, yana ɗauke da kusan maikirogiram 1 a kowane giram. Yanka ɗaya mai giram 200 ke nan ya ba ta kusan 200, ninki biyu na iyakar mako guda a zama ɗaya. Giram 200 na sardin kuwa bai kai 3 ba. Ya ce in sake faɗa, na sake. Ɗan'uwan dirakin namu da ke tekun Amurka yana cikin kifayen da hukumar ta ce mai ciki ta guje musu, shi ya sa nake cewa idan dirakin ne ake so, a ɗauki ƙarami, kuma kada ya zama na kowane mako. Haka hamur, wanda mutanen Jidda ke kira kushar: yana tsaka-tsaki, amma tsoho mai ƙaton kai ya fi matashi tarawa.

Matar ta ce, "To Yaya, ai ina wanke shi da lemon tsami da gishiri, in soya shi ya yi ƙayau." Na ce mata wannan yana maganin ƙarni da ƙwayoyin cuta ne kawai. Zaibar tana cikin tsokar kanta, a manne da naman. Wuta ba ta kore ta, cire fata ko kitse ba ya rage ta, shanya shi ko banda ma ba su fitar da ita. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Kifin zai iya zama ɗanye sharaf, idonsa tar, yana ɗauke da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne uwar ba za ta ji komai ba. Zaibar tana ratsa mahaifa ta kai ga ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa, kuma sau da yawa wadda ke jinin cibiya ta fi ta jinin uwar yawa. A Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta gurɓata ruwa, akwai matan da alamunsu ba su taka kara sun karya ba, amma suka haifi 'ya'ya da mummunar nakasa. Can guba ce mai yawan gaske, ba irin ta kasuwarmu ba, kada a tsorata mutane. A namu matakin abin da ake gudu shi ne ɗan tawaya a magana da riƙe karatu da natsuwa, wanda ba a gani ranar suna. Babban mutum da ya tara da yawa shi ke jin yatsu da leɓɓa suna mutuwa, ko tafiya tana tangaɗi, kuma awon jini ko na gashi ne ke tabbatarwa.

Waɗanda ya kamata su bar shak da abu-saif da manyan diraki da ƙaton tuna su ne mai ciki, da mai shayarwa, da yara ƙanana, da kuma wadda ke neman haihuwa. Wannan ta ƙarshe ita ake mantawa. Jiki yana ɗaukar kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya tara, don haka amarya ta fara kiyayewa tun kafin ciki ya shiga. Mai shayarwa kada ta yaye ɗanta saboda wannan, ta canza kifin kawai. Magidanci ko tsohuwa irina da ke cin yankan diraki jefi-jefi ba su ne abin damuwa ba, sai fa wanda ya mai da shi abincin kullum, kamar masunta da masu aiki a gidajen suyar kifi.

Kuma don Allah kada a ce mai ciki ta daina cin kifi, wannan ma cutarwa ce, domin man da ke cikinsa yana gina ƙwaƙwalwar da muke karewa. Ta ci sau biyu ko uku a mako, kowane ci kamar faɗin tafin hannunta, daga sardin, baga, buri, bulɗi wato karfasa, ko jambari wato jatan lande. Tunan gwangwani mai sauƙin kuɗi, wanda aka rubuta wa `light`, ya fi farin tuna ƙarancin zaiba. Yaro ɗan shekara biyu kuwa giram 30 ya ishe shi a ci ɗaya.

Matar ƙanen nawa ta haihu lafiya, alhamdu lillahi, kuma yanzu baga ƙanena ke sayowa da kwando, kuɗin da ya rage yana tafiya a madara. Roƙona shi ne a maimaita shirin, a gayyato likita ya ambaci kifayen da sunayen da muke ji a bakin masu sayarwa, kuma a sa shi a lokacin da maza ke sauraro, tunda a nan galibi su ke zuwa kasuwar kifi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wata ungozoma daga Jidda, Saudiyya