Zuwa ga ɗalibina, kan matar da ta kasa daina zuwa duba

Ka rubuto a fili ka ce: "Malam, wata baiwar Allah tana zuwa in buga mata ƙasa kusan kullum, har tsakar dare tana kira. Yaya zan gane abin ya wuce gona da iri, kuma me zan ce mata ba tare da na wulaƙanta ta ba?"

Ɗana, bar ƙirga sau nawa ta zo, saurari tambayar da take zuwa da ita. Idan ta jiya ce ta sake wa riga, wato jiya "zai aure ni?", yau "yana da wata?", gobe "me ya sa bai kira ba?", to ba amsa take nema ba. Sanyin da take ji na ɗan lokaci bayan an share rairayi, shi take dawowa saya, kuma kullum yana ƙara saurin gushewa.

Na yi irin wannan kuskuren da wata mai sayar da atamfa. Da farko maganar aure ta kawo ta, na duba gida na bakwai, wato gidan aure a cikin gidaje 16 na bugun ƙasa, na faɗa mata abin da na gani. Cikin wata guda ta dawo sau tara. Ta kai ba ta sarin kaya sai ta tambaye ni, ba ta zuwa biki sai ta tambaye ni. In gidajen nan 16 suka ba da abin da ba ta so, sai ta ce a sake bugawa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina ta karɓar kafin alƙalami. Ban farga ba sai ranar da ta ce kuɗin adashinta ne ta kawo, kuma yayarta ma ba ta san tana zuwa ba.

Ga abin da na ce mata, a zaune, ba ta waya ba: "Hajiya, tambaya ɗaya bugu ɗaya. Wannan maganar ba zan sake duba ta ba sai bayan kwana arba'in, ko in wani sabon abu ya faru a zahiri. Bayan isha'i kuma ba na ɗaga waya, ga kowa." Kalmar "ga kowa" ita ta hana ta jin kora ce. Na mayar mata da kuɗinta, na ce ta yi istihara, ta kuma sa yayarta ta tura a tambayi mutumin da ake maganar auren da shi baki da baki.

Ta yi fushi, ta kira sau huɗu a daren. Nan ne wurin da za ka so ka sassauta. In ka ɗaga sau ɗaya, ka koya mata cewa naci yana buɗe ƙofarka.

Amma in ka ga ba ta barci, ba ta cin abinci, ko ta fara cewa gara ta mutu, ajiye farantin ƙasar. Nemi wani babba a gidansu a ranar, a kai ta wurin likita.