Wanda aka koro daga Amurka ya fara duba takardar da aka ba shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan 'yan Najeriya da ake tiso ƙeyarsu daga ƙasashen waje, kuma kun yi ƙoƙari. Sai dai kun tsaya a filin jirgi, inda suka sauka da jakunkunansu, alhali daga nan ne wata wahalar take somawa. Kusan duk wanda aka koro, zancensa ɗaya ne, yaushe zai koma. Ina so in yi magana a kan Amurka kawai, domin ita ce na bi diddiginta saboda ɗan yayata.

A watan Maris na 2022 yaron nan ya tafi da bizar ziyara. A filin jirgin can aka tsare shi, aka binciki wayarsa, aka ga saƙonnin da suka yi da wani abokinsa kan aikin da zai kama a shago. Kwana biyu sai ga shi a Tudun Wada. Abin da ya faɗa mana shi ne an soke masa biza, shi ke nan. Takardun da aka ba shi kuwa ya cusa su a aljihun akwati, tare da tikitin jirgi da ragowar biskit, ba wanda ya sake waiwayarsu sai bayan shekara biyu.

Abin da ya sa aka fito da su, wani ejan ne a Sabon Gari ya ce masa magana mai sauƙi ce. A yi sabon fasfo, a juya sunan uba ya koma gaba, a cike fom ɗin neman biza na DS-160, inda aka tambaya ko an taɓa korarsa ya ce a'a. Har ya yanka masa kuɗi. Da uwarsa ta zo mini da maganar, na ce kafin a ba kowa ko sisi a kawo mini akwatin nan.

Takardu biyu muka samu, ɗaya mai lamba I-860, ɗaya I-296. Ta farkon umarnin kora ce ta gaggawa, wadda jami'in shige da fice yake yankewa a bakin iyaka ba tare da an je gaban alƙali ba. Ta biyun kuma ita ce take gaya wa mutum tsawon lokacin da aka haramta masa shiga, kuma an yi maki a kan shekara 5. Ashe kora ce aka yi masa cikakkiya, da hotonsa da zanen yatsarsa a jiki. Da a ce I-275 ce a hannunsa, da labari ya sha bamban, domin ita tana nufin an ba mutum dama ya janye neman shigarsa ya juya da kansa. Bizarsa ta mutu, amma ba haramcin shekaru a kansa. Mutum biyu za su iya dawowa a jirgi ɗaya, kowa yana cewa "an dawo da ni", ɗaya yana da ikon neman biza gobe, ɗaya sai ya jira shekara biyar.

Ga yadda dokar tasu ta tsara shekarun. Wanda aka kora daga bakin shiga, shekara 5. Wanda ya riga ya shiga ƙasar, alƙalin shige da fice ya yanke a fitar da shi, shekara 10, ko da shi ya sayi tikitinsa ya fita bayan hukuncin. Wanda aka kora karo na biyu, shekara 20. Wanda aka samu da babban laifi irin wanda dokar ta ware, har abada. Lissafin yana farawa daga ranar da mutum ya bar ƙasar, don haka na ɗan yayata zai cika a Maris na 2027.

Akwai wani wuri a jikin I-860 da ya fi shekarun muhimmanci, wato sashen dokar da aka kore mutum a kansa. Idan 212(a)(7) ne, ana nufin ba shi da takardar da ta dace da abin da ya zo yi, kuma in shekara biyar ta cika haramcin ya faɗi da kansa. Idan kuwa 212(a)(6)(C) ne, an same shi da ƙarya ko yaudara, kuma wannan ba ya ƙarewa da ƙidayar shekaru. Allah ya taimaki yaronmu, na farkon ne. To ku duba abin da ejan ya so ya jefa shi ciki. Ofishin jakadanci yana ɗaukar zanen yatsu goma, kuma yatsa ba ta san an sauya suna ba. Da ya amsa a'a a fom ɗin nan, da ya sayi haramcin har abada da kuɗinsa, garin neman gira a rasa ido.

Wanda ba zai iya jira ba, akwai ƙofa, amma sai an nemi izini tun kafin a kama hanya. Mai neman bizar zama, kamar wanda matarsa 'yar ƙasar ce ta nema masa, shi ne yake cike fom I-212, na neman izinin sake neman shiga, ya aika wa USCIS, hukumar da ke kula da takardun zama da zama ɗan ƙasa a Amurka, tare da kwafin takardar korar. Suna duba dalilin korar, da daɗewarta, da halin mutum tun bayan dawowarsa, da irin ƙuncin da iyalinsa na can suke ciki. Mai neman bizar ziyara ko karatu kuwa ta hannun jami'in da ya yi masa tambayoyi a Abuja ko Legas zai bi. Zai faɗi gaskiya a fom, sannan dole ya fara gamsar da jami'in cewa ya cancanci bizar kanta, wato yana da abin da zai dawo da shi gida. Sai an wuce nan jami'in zai iya tura shawarar a yi masa sassauci a ƙarƙashin sashe na 212(d)(3), hukumar CBP mai kula da kan iyakokin Amurka ta yanke. Idan jami'in bai gamsu da komawarsa gida ba, maganar sassauci ba ta ma tashi. Kuma izinin da aka samu cire shinge ɗaya kawai yake yi. Wanda ya zauna a can shekara guda ko fiye bayan izinin zamansa ya ƙare yana da wani haramcin na shekara 10 daban, wanda I-212 ba ta taɓa shi.

Da muka zauna da yaron muka auna, sai muka ga ba shi da abin da zai gabatar. Ba aure, ba aiki tsayayye, kuma dalilin tafiyar shi ne dai wanda aka kore shi a kansa. Na ce masa, "Kai ɗana, da me za ka je gaban jami'in nan?" Ya yi shiru, ya ce, "Kawu, to sai dai in jira." Yanzu yana gyaran waya a Samaru. Takardun nan biyu na sa an yi musu hoto, na ainihin kuma suna cikin jakar da nake ajiye takardun gida, domin ko bayan 2027 tambayar nan tana nan a fom, kuma amsarta eh ce.

Roƙona gare ku, in kun sake zantawa da waɗanda aka dawo da su, ku tambaye su lambar takardar da ke hannunsu, ku kuma gayyato lauyan da ya san dokar shige da fice ya yi wa mutane bayanin ta Birtaniya da ta Saudiyya, tunda kowace ƙasa da nata lissafin.

Naku,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya.